Babi na Shida: Kuɗi Sun Fita, Ba Su Shiga Ba

Akwai wata gardama da ake yi kullum a bakin kasuwa, wadda sau da yawa babu maƙaryaci a cikinta. Mai saye ya ɗaga wayarsa, ga rubutu ɓaro-ɓaro an ce `Successful`, ga kuɗi sun ragu a asusunsa. Mai sayarwa ya ɗaga tasa, babu alat, abin da ya kwana da shi a asusu yana nan bai motsa ba. Kowa yana da hujja a hannu, kuma hujjojin biyu sun saɓa.

A gari kamar Ceberu, a ƙasar Gwandu, wannan gardama ta fi tsada fiye da yadda take a birni. Wanda yake son ya zauna gaban ma'aikacin banki sai ya bar aikinsa ya hau mota, galibi zuwa Birnin Kebbi ko Jega, ya bi layi, wataƙila kuma a ce masa ya dawo jibi. Mutane da yawa a wannan yanki ba don sha'awa suka shiga harkar tiransifa ba. Canjin takardun naira ne ya tura su, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace a watannin Fabrairu da Maris na 2023, har mai sayar da kwanon gero ya koma neman lambar asusu. Sun koyi yadda ake turawa, amma ba wanda ya zauna ya faɗa musu abin da ke faruwa a cikin daƙiƙun da wayar take juyawa. A cikin waɗannan daƙiƙu kuwa amsar take.

Abu na farko shi ne, idan ka tura kuɗi daga wani banki zuwa wani, babu kuɗin da ya tashi a lokacin. Saƙo ne ya tashi. Tsofaffin fatake sun san irin wannan tun kafin waya: ɗan kasuwa a Jega ya aika wa abokin cinikinsa a Kano cewa ya ba wane kaza, za a yi lissafi daga baya. Na Kano ya ba da daga aljihunsa saboda amana, sai an haɗu a cire abin da kowa ke bin kowa, a biya ragowar. Haka bankuna suke yi. Mai shiga tsakaninsu shi ne kamfanin NIBSS, wanda aka kafa a 1993, mallakar bankunan Najeriya da Babban Banki. A 2011 ya fito da tsarin tura kuɗi nan take da ake kira NIP, kuma mafi yawan tiransifar da ake yi tsakanin bankuna, ta manhaja ko ta lambobin ƙaramar waya ko a wajen mai POS, ta kansa take bi. Bankin mai karɓa yana zuba wa mutuminsa kuɗi nan da nan bisa saƙon da ya samu, sannan a wasu lokuta da aka tsara cikin yini a yi lissafi tsakanin bankunan ta asusunsu da ke Babban Banki.

Saboda haka tiransifa ɗaya rubutu uku ce a littattafai uku: littafin bankin mai turawa, na NIBSS, da na bankin mai karɓa. Abin da wayar mai turawa take nunawa labarin littafi na farko ne, ko na farko da na biyu. Ba ta leƙa na uku ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Da ka rubuta lambar asusu mai lamba 10 ka zaɓi banki, sai a aika tambaya can a dawo maka da suna. Wannan sunan da ya fito yana nuna cewa asusun yana nan, kuma bankin yana amsawa a wannan daƙiƙar. Bai yi alƙawarin komai game da daƙiƙa ta gaba ba. Da ka sa lambar sirri, bankinka yana fara cire kuɗin daga asusunka, don kada ka kashe su sau biyu, ya ajiye su a wani asusu nasa na wucin gadi. Daga nan ne yake aika umarnin biya ta hannun NIBSS. Bankin mai karɓa ya duba asusun, ya zuba kuɗin, ya mayar da amsa. Amsar ba da kalmomi take zuwa ba, lamba biyu ce. `00` na nufin an kammala. `91` na nufin ba a samu bankin mai karɓa ba. `97` kuwa na nufin an jira amsa daga can har lokaci ya ƙure ba ta zo ba.

Wannan `97` ita ce uwar rikici. Rashin amsa ba ya nufin ba a biya ba. Mai yiwuwa umarnin bai isa ba. Mai yiwuwa kuma ya isa, an zuba kuɗin, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Bankin mai turawa bai san wanne ba ne, don haka ba zai yi gaggawar mayar maka da kuɗinka ba, domin idan an riga an biya can, shi ne zai yi asara. Sai ya riƙe su ya riƙa aika tambaya a kan matsayin wannan tiransifa har ya samu tabbaci. A wannan tsakanin, manhajar da aka tsara da gaskiya za ta rubuta `Pending` ko `Processing`. Amma akwai waɗanda suke nuna nasara da zarar an cire kuɗin kuma umarnin ya fita daga hannunsu. A ganina wannan ba ƙaramin laifi ba ne, domin mai karanta allon ba injiniya ba ne, ya ɗauka an ce masa kuɗin sun isa.

Akwai kuma inda amsar `00` ce ta gaskiya, amma duk da haka mai karɓa bai ga komai ba. Na'urar da ke karɓar saƙonni daga NIBSS daban take da babbar na'urar da ke riƙe da asusun mutane. Ta farko tana iya cewa na karɓa, ta jera saƙon a layi, alhali ta biyu ta cushe, ko tana rufe lissafin yini da tsakar dare, ko ana yi mata gyara. An ga haka a fili a ƙarshen 2024, lokacin da wasu manyan bankuna, irin su Sterling da Zenith da GTBank, suka sauya babbar manhajar da suke aiki da ita, jama'a suka yi ta kukan jinkirin shigar kuɗi. A irin wannan hali kuɗin sun bar hannun mai turawa da bankinsa gaba ɗaya. Zaginsa ba zai kawo su ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wani manomi a Ceberu, mu ce dattijo ne, ya sayar wa wani matashin dillali daga Jega albasa ta naira 240,000. An gama lodi da la'asar, dillalin ya tura, wayarsa ta nuna nasara. Aka yi minti goma, aka yi ashirin.

"Baba, wallahi sun fita, ga shi nan ka duba da idonka."

"Na gani, ɗana, ban ƙaryata ka ba. Amma ni nawa idon bai ga komai a tawa wayar ba."

Matakin farko ba ya buƙatar kowa sai manomin: ya daina jiran alat, ya duba asusun kansa. Alat saƙon tes ne, kamfanin waya ne yake kawo shi, kuma hanyarsa daban da hanyar kuɗin. Inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, saƙo kan kwana a hanya. Haka idan ƙaramar waya ta cika da saƙonni, ko layin da aka yi rajistar asusun da shi yana cikin wata wayar a gida. Gardama da yawa a nan take mutuwa: a danna lambobin banki a duba abin da ke ciki, sai a ga kuɗin sun daɗe da shiga. Wannan dubawa ita ce kuma maganin alat na bogi, wanda 'yan damfara ke turawa da sunan banki. Saƙon tes kowa na iya ƙirƙira shi, hoton rasit ma haka. Abin da ba a iya ƙirƙira shi ne adadin da bankinka ya faɗa maka lokacin da kai da kanka ka tambaye shi.

To, manomin ya duba, naira 90,000 ɗin da yake da su ne kawai. Mataki na biyu shi ne a karanta rasit a hankali, ba a tsaya ga launinsa ba. Suna daidai ne? Lambar asusu daidai ce? Sunan bankin fa? Wannan na ƙarshe ya zama tarko tun da kamfanoni irin su OPay da PalmPay suka mayar da lambar wayar mutum, ba tare da sifirin farko ba, ta zama lambar asusunsa. Mutum ɗaya yana iya samun asusu biyu a kamfanoni biyu da lamba ɗaya da suna ɗaya, wataƙila wani yaro ne ya buɗe masa ɗayan a bara ya manta. Mai turawa ya zaɓi kamfanin da ba shi aka faɗa masa ba, sunan ya fito daidai, ya tura. Kuɗin suna can lafiya, a asusun da mai shi ba ya dubawa.

A misalinmu komai daidai ne. Sai a nemi lambar da ta fi kowane abu a rasit ɗin amfani, wadda ake rubuta wa `Session ID`. Lamba 30 ce, kuma tana da fasali. Ga irinta, an rarraba ta don a gane, lambobin kuma na misali ne:

```
999999 250212 161742 483920175664
```

Shida na farko lambar bankin da ya aika umarnin ce. Shida na biye shekara da wata da rana ne, wato 12 ga Fabrairu 2025. Shida na gaba awa da minti da daƙiƙa, ƙarfe 4 da minti 17 na yamma. Sauran 12 ɗin su ne suka bambanta wannan tiransifa da kowace. Wannan lamba ɗaya ce a duka littattafan uku, da ita kaɗai bankin mai karɓa zai iya gano saƙon cikin dubban da suka shigo masa a wannan awa. Wasu rasit ɗin suna nuna wata lambar daban da aka rubuta wa `Reference` ko `Transaction ID`, wadda banki ya ƙirƙira don amfanin cikin gidansa, ɗayan bankin bai san ta ba. Wanda ya tura ta lambobin ƙaramar waya sau da yawa ba ya ganin ko ɗaya, sai ya nema a wajen bankinsa. Rasit ɗin da aka ce na yau ne amma tsakiyar lambarsa tana nuna makon jiya, ya riga ya tona asirin kansa.

Da wannan lamba a hannu, manomin ko ɗansa mai babbar waya zai kira masu kula da abokan hulɗa na inda asusunsa yake, ya karanta musu. Amsa ɗaya daga cikin biyu zai samu, kuma kowace tana nuna wanda zai yi ɗawainiya.

Idan suka ce ba su ga lambar ba, umarnin bai iso gare su ba ke nan, ko ya iso sun ƙi shi. Kuɗin suna hannun bankin dillali, kuma can za su koma, cikin asusun dillalin. A nan ne mai sayarwa yake cikin haɗari. Idan kuɗi suka koma, ba wanda zai sanar da manomin. Dillali mai tsoron Allah zai kira ya sake turawa. Wanda ba shi da shi yana riƙe da rasit mai cewa ya biya, ga albasa ta kai Jega. Shi kuma mai turawa nasa haɗarin yana cikin gaggawa: ya ga ana matsa masa, ya sake tura wasu 240,000, can da dare na farkon su faɗa, ya zama ya biya sau biyu. Kuɗin da suka riga suka shiga asusun wani kuwa banki ba ya ciro su don kawai ka ce kuskure ne. Sai mai asusun ya yarda, in ya ƙi, magana takan kai ga neman umarnin kotu.

Idan kuwa suka ce sun ga lambar, kuɗin suna wajensu, to dillali ya fita. A misalinmu abin da aka faɗa wa manomin ke nan, tare da dalilin da ya fi kama mutanen karkara: asusunsa na matakin farko ne. Tun 2013 Babban Banki ya kasa asusu mataki uku, don wanda ba shi da tarin takardu ma ya iya buɗewa. Sauƙin buɗewa yana tafe da iyaka. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi a asusun waya, matakin farko ba ya riƙe fiye da naira 300,000, mataki na biyu kuma 500,000. Manomin yana da 90,000, an turo 240,000, jimla 330,000. Ya haura da 30,000. Ban da wannan, matakin farko yana da iyakar naira 50,000 a kan hada-hadar yini, wadda cinikin albasa ɗaya ya ninka ta. Yadda ake yi da irin waɗannan kuɗi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wani yakan ƙi su tun a ƙofa su koma wa mai turawa, wani yakan karɓa ya riƙe, ko ya nuna su amma ya hana taɓawa, sai mai asusun ya ɗaga matakinsa da BVN da NIN da abin da aka nema na shaida.

Wannan iyaka an yanka ta ne lokacin da naira 300,000 kuɗi ne masu kauri. Yau buhunan shinkafa kaɗan sun cinye ta. Manomi yakan yi wata tara asusunsa bai ga dubu hamsin ba, sai kaka ta yi kuɗin shekara su zo masa a rana ɗaya, ranar da ya fi buƙatar asusun ya yi aiki ita ce ranar da yake tsayawa. Mai hankali yakan je ya ɗaga matakin tun amfanin gona yana tsaye. Haka nan tun Disamba 2023 Babban Banki ya umarci a haɗa kowane asusu na matakin farko da BVN ko NIN, ya kuma ce daga 1 ga Maris 2024 a dakatar da shiga da fita a waɗanda ba a haɗa ba. Asusun da aka buɗe don karɓar wani tallafi aka watsar da shi shekaru yana iya nuna suna idan an tambaya, amma ya ƙi karɓar kuɗi.

Da yawa suna kauce wa duk wannan ta hanyar ba da lambar asusun mai POS, shi ya karɓa ya ba su tsaba ya cire ladansa. Hanya ce mai aiki, domin asusun 'yan kasuwa yana da faɗi. Sai dai ta ƙara mutum na uku a gardamar. Tiransifa da yawa suna shigo masa a yini, kuma sunan da zai gani na mai turawa ne, ba na manomi ba. Idan za a bi ta nan, a tsaya gabansa a yi, ya buɗe jerin abin da ya shigo masa a na'urarsa, a ga adadin da sunan mai turawa da lokacin.

Doka ba ta bar bankuna su jinkirta yadda suka ga dama ba. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take, wadda hukuncinta ya fara aiki ranar 2 ga Oktoba na shekarar, ta sa tarar naira 10,000 a kan kowace tiransifa da banki ya karɓa ya wuce minti 4 bai zuba wa mai ita ba. Ta sa irin wannan tara a kan wadda ta faɗi ba a mayar wa mai turawa cikin awa 24 bayan ya kai kuka ba. A lura da wannan sharaɗi na kai kuka. Wanda ya zauna gida yana cewa za su dawo da kansu, sau da yawa suna dawowar, amma bai tayar da agogon da doka ke ƙirgawa ba. Kuma kukan da ake ƙirgawa shi ne wanda aka rubuta aka ba ka lambar shaida, ko a reshe, ko ta manhaja, ko ta layin da ke bayan katinka. A nan ma a yi hattara: masu damfara sun cika shafukan sada zumunta da lambobin waya da sunan bankuna, suna jiran wanda kuɗinsa suka maƙale. Ma'aikacin gaskiya `Session ID` da adadi da rana zai tambaye ka. Duk wanda ya nemi lambar sirrinka, ko lambar da aka turo maka ta tes, ɓarawo ne.

Dillali da manomi, a misalinmu, abin da ya fi musu shi ne su kira shaidu biyu, a rubuta lambar nan mai 30 a takarda tare da adadi da lambobin wayarsu, kowa ya riƙe kwafi. Tunda an tabbatar kuɗin suna wajen kamfanin manomi, mota tana iya tashi. Da amsar ta kasance ba a ga lambar ba, adalci shi ne kaya su kwana, ko a damƙa su amana hannun sarkin kasuwa ko wani da duka suka yarda da shi, har dillalin ya nuna bayanin asusunsa na washegari. A cikinsa za a ga ɗayan biyu: ko layin da aka rubuta wa `Reversal`, kuɗin sun dawo sai ya sake turawa, ko babu shi, sai ya kai kuka bankinsa a ba shi matsayin tiransifar a rubuce.

Idan banki ya riƙe kukan mako biyu bai warware ba, mataki na gaba shi ne Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki. Ana rubuta musu ta `cpd@cbn.gov.ng`, ko a kai takarda reshen Babban Banki da ke Birnin Kebbi. A takardar a sa suna da lambar waya, sunan bankin da ake ƙara, rana da adadin kuɗin, lambar tiransifar, da lambar shaidar kukan da aka fara kaiwa, domin abin da za su fara nema shi ne hujjar cewa an ba bankin damarsa tukuna.